Ni Na Sauya Musu Gado

Shekara goma sha ɗaya na yi ina shara da goge-goge a ɗakin mata na wani asibiti mai zaman kansa a Dutsin-Ma. Ni 'yar Kurfi ce. Mijina ya rasu ya bar ni da 'ya'ya biyar, biyu suka bi shi, na tattaro ukun na zo nan na kama tsintsiya. Aikina shara, zubar da fo, canza zanen gado, tura keken mara lafiya. A lokacin ko sunana ban iya karantawa ba. Gadajen ɗakin takwas ne, na san lambar kowanne don na san inda yake tsaye.

Ba ni da yawan magana, amma muryata tana da ƙarfi. Saboda muryar ce Metiron, shugabar nas-nas ɗinmu, take kirana duk ranar da za a yi intabiyun ɗaukar sabuwar nas. Tana da tsarinta. Bayan an gama yi wa yarinya tambayoyi, sai ta ɗaga mini kai. Ni kuma in tashi in zama kamar ɗiyar wata mara lafiya wadda hankalinta ya tashi, in yi faɗa, in buga tebur, su ga yadda yarinyar za ta yi da ni. Metiron ta ce takarda kowa yana da ita, abin da take so ta gani shi ne fuskar mutum idan ana yi masa ihu. Na sa 'yan mata da yawa kuka a ɗakin nan. Ina jin daɗin abin, ba zan ɓoye ba. Rana ɗaya ce a shekara da mai shara take ɗaga murya a gaban likita.

Akwai wata nas da take aikin sa kai a wurinmu. Ta gama makaranta, ta samu lasisinta, ba ta samu gurbi ba, sai take zuwa tana aiki kamar kowa tana jiran a buɗe. 'Yar wani manomi ce daga Tamawa, siririya, mai sanyin murya. Inna take ce mini, ni kuma in ce mata Sista ƙarama. In ta ga na sunkuya da bokiti sai ta kama mini gefe ɗaya. Sauran ba sa yi. Kowa a asibitin ya san in gurbi ya buɗe nata ne.

Wata biyu kafin gurbin ya buɗe na yi abin da na yi.

Lokacin zafi ne. An kwantar da wasu tsofaffi biyu a cikin kwana biyun da Sista ƙarama take hutu. Ta gado na huɗu daga Dabawa take, ciwon sukari gare ta. Ta gado na bakwai daga Kurfi, uwar wani Alhaji mai fataucin hatsi, ciwon ƙirji ya kawo ta, ga shi ba ta ji sosai. Surukarta ce take jinyarta. Gado na huɗu yana ƙarƙashin fanka, na bakwai yana lungu.

Da sassafe ina goge ƙasa, nas ɗin dare tana ofis tana rubutu, ta safe ba ta iso ba tukuna. Surukar ta kama mini zane. Ta ce, "Inna, ke tamu ce, na san gidanku. Hajiya ta kwana tana gumi a lungun nan. Ki taimaka."

Tsohuwar Dabawa ta ji mu, ta ce ita fankar nan ma ta ishe ta, ƙasusuwanta ciwo suke. Kowa ya yarda. Na ɗaga wannan, na ɗaga waccan, na sauya musu wuri, na kwashe musu kwanuka da buta. Ko minti biyar ba a yi ba. Surukar ta sa mini albarka.

Katin kowace mara lafiya yana rataye a ƙafar gadonta, a jiki ake rubuta sunanta da maganinta. Na bar su inda suke. A idona duk kati ɗaya ne. Amma na san dokar, Metiron ta faɗa mini tun ranar da na fara aiki: ba a matsar da mara lafiya sai nas ta sani. Na ce a raina zan faɗa in sun fito daga ofis. Sai aka kira ni ɗakin haihuwa wata ta yi amai, na tafi, na manta.

Sista ƙarama ta iso, ta karɓi aiki a kan tebur a ofis kamar yadda ake yi a lokacin, ta turo teburin magani. Da na dawo da bokitina tana gado na huɗu. Ta karanta kati, ta sunkuya ta ce, "Hajiya, ke ce wance?" Tsohuwar ba ta ji ba, ta ga dai yarinya mai fararen kaya tana yi mata magana, ta gyaɗa kai. Surukar ta fita wanke kofi. Ƙwayar ta shiga, ruwa ya bi.

Ina tsaye a bakin ƙofa. Ban gane abin da na gani ba sai da ta kai gado na bakwai. Tsohuwar Dabawa ta dubi ƙwayoyin a tafin hannunta ta ce, "Ɗiyata, wannan ba nawa ba ne. Nawa ɗan fari ne ƙarami, kafin abinci nake sha. Shekara shida ina shan shi."

Sista ƙarama ta dubi katin, ta tambaye ta sunanta, tsohuwar ta faɗa. Na ga fuskar yarinyar ta canza. Ta karɓe ƙwayoyin, ta koma gado na huɗu da sauri. Maganin sukari ta ba matar da ba ta da ciwon sukari, tsohuwa kuma wadda ba ta iya cin abinci.

Ba ta ɓoye ba. Ta soki yatsar Hajiya ta auna sukarin, ta auna jini da bugun zuciya, ta aike ni in kira likita da Metiron. Na tafi da gudu na kira su. Likita ya ce a ba ta abin sha mai sukari, a riƙa aunawa a kai a kai, don irin wannan ƙwayar tana daɗewa a jiki. Tsohuwar ta kurɓi kunu ta ture. Kafin azahar gumi ya jiƙe ta, hannunta yana rawa, tana kiran mutanen da suka mutu. Aka ɗaura mata ruwan sukari ta jijiya. A hankali ta dawo. Sai da aka yi kwana ɗaya cur ana aunawa kafin likita ya ce ta fita daga haɗari.

Alhajin ya iso daga Kurfi ana cikin ɗaura ruwan. Sista ƙarama da kanta ta tare shi tare da likita, ta faɗa masa abin da ya faru. Har bakin titi ana jin muryarsa. Ya ce ya kawo uwarsa da ƙafarta za a ba shi gawa. Ya ce a nuna masa wace ce. Ta ce ita ce.

Da yamma Metiron ta tsaya a tsakiyar ɗakin ta ce, "Wa ya sauya wa matan nan gado?"

Surukar ta dube ni. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Mu ne, da safe. Ba mu sani ba."

"Da safe yaushe?"

"Da safe dai."

Ina riƙe da sandar mofa. Metiron ta juyo ta ce, "Inna, kin ga lokacin?" Na ce ina ɗakin haihuwa. Wani ɓangaren gaskiya ne, da shi na rufe sauran. Ina da jikoki biyu a ɗakina, kuma mai shara ba a yi mata takardar gargaɗi, hanya ake nuna mata. Abin da na faɗa wa kaina ke nan.

Sista ƙarama ta rubuta rahoto. Likita, wanda shi ne mai asibitin, ya karanta ya yanke cewa a kan idonta masu jinya suka ɗaga tsofaffi biyu suna yawo da su a ɗaki ba ta lura ba. Aka sa mata takardar gargaɗi a fayil. Ta ci gaba da zuwa aiki. Ta ci gaba da kama mini bokiti.

Ranar intabiyu, wata Litinin, mutum huɗu suka zo, gurbi ɗaya. An yi shi a ofishin likita da hantsi. Likita a tsakiya, Metiron a damansa, akawun asibitin a hagu yana rubuta maki. Ni ina kan benci a bayan ƙofa, na yafa mayafi kamar baƙuwa. Da Turanci suke farawa, sai Metiron ta ce a koma Hausa, don marasa lafiyarmu ba da Turanci suke ciwo ba. Shi ya sa nake jin komai.

Tambaya uku ce manya, kowa ita ake yi wa. Ta farko, me za ki yi don kada mara lafiya ya cutu a hannunki. Ta biyu, ba mu labarin kuskuren magani da kika taɓa yi ko kika gani, da abin da kika yi. Ta uku ni ce.

Ta farkon da ta shigo ta ce ita ba ta taɓa kuskure ba, kuma ba za ta taɓa ba. Metiron ta ce, "Masha Allah, mun samu waliyyiya," akawu ya yi dariya. Da na taso mata da ihu ta ce in fita ko ta kira mai gadi. Ta biyu ta yi kuka tun ban kai ga buga tebur ba. Ta uku daga Katsina ta zo, tana da natsuwa. Ta ce ta taɓa zuƙar allura daga kwalbar da kwananta ya wuce, ta lura kafin ta yi wa mara lafiya, ta zubar, ta sanar da shugabarta, aka duba sauran kwalaben. Ni ma ta iya da ni daidai gwargwado. Yarinyar ba ta da laifi a labarin nan.

Sista ƙarama ce ta ƙarshe. Ta gaida su, ta waiga ta ce, "Inna, ina kwana." Na amsa ban dube ta ba.

Tambayar farko ta amsa ta ba gargada. Ta ce wanke hannu kafin ta taɓa mara lafiya da bayan ta taɓa. Ɗaga ƙarfen gefen gado ga tsoho da wanda ba ya cikin hayyacinsa. Allura in an gama da ita a jefa ta a akwatinta nan take. Kada a bar ƙasa a jiƙe mutane suna bi. Kafin magani kuma ta tabbatar mutumin ne, maganin ne, adadin ne, lokacinsa ne, kuma ta hanyar da aka rubuta, ta tambaya ko wani magani ya taɓa ƙin jikinsa, in ta bayar ta rubuta.

Likita ya ce, "To, duk wannan kin sani. Sai ta biyu. Ina jin ba sai kin yi nisa wajen neman labari ba."

Ta ce haka ne. Ta ba da labarin daga farko, yadda na faɗa a sama, ban da ni. Ta ce, "Kuskurena shi ne na bi katin gado. Sannan na faɗi sunan da bakina na ce ke ce, maimakon in ce ta faɗa mini da nata. Tsofaffinmu in mai fararen kaya ta yi magana, gyaɗa kai suke yi ko ba su ji ba. Yanzu sai mara lafiya ta faɗi sunanta da garinsu na haɗa da kati. In ba ta iya magana ina tambayar mai jinya."

Metiron ta ce, "In suruka ce fa? Ba za ta kama sunan uwar mijinta ba ko za ki yanka ta."

"Sai ta nuna mini ƙaramin katin da aka ba su a wurin yankar kati, in haɗa lambar da ta fayil. Ko in samu wani ɗan gidan da zai iya faɗa. Ba zan bayar ba sai na tabbata. Kuma na roƙa a riƙa miƙa aiki a bakin gado, nas mai tashi ta nuna wa mai karɓa kowace mara lafiya ido da ido."

Metiron ta gyaɗa kai. Da ma tun bayan abin ta mayar da miƙa aiki bakin gado.

Likita ya jingina da kujera. Ya ce, "Kin yi gaskiya ranar, ban hana ki wannan ba. Abin da har yau bai kwanta mini ba, ɗaki yana hannunki, masu jinya suka ɗaga mata biyu, da kwanukansu da butocinsu, ba ki gani ba. Ina kike?"

Ta yi shiru kaɗan. Ta ce, "Ban ga lokacin da aka sauya su ba, likita."

"Abin da nake faɗa ke nan."

Tsakanina da teburin taku uku ne. Da na ce, likita, ba ta iso ba aka sauya su, ni na ɗaga su da hannuna, da an gama. Na gyara mayafi.

Metiron ta ce, "To, Inna, bisimilla. Yau ke ɗiyar mara lafiya ce. An ba innarki maganin da ba nata ba, yanzu aka faɗa miki."

Ga sauran ukun cewa ta yi an bar innata tana jira ba a duba ta ba. Ga wannan ta canza. Ban san dalilinta ba a lokacin.

Na tashi. Aikin da na iya ne, bakina ya san hanya. Na ce kun kashe mini uwa. Na ce don kun ga mu talakawa ne ba mu iya karatu ba. Na buga tebur har biron akawu ya faɗi. Na matsa kusa da fuskarta na ce, "Wace ce? A nuna mini wadda ta yi."

Ba ta ja da baya ba, ba ta kuma ɗaga murya ba. Ta bar ni na gama. Sai ta jawo kujera ta ce, "Inna, zauna, don Allah. Kina da gaskiyar jin zafi, uwa ce." Ta durƙusa har idonta ya zo daidai da nawa. Ta ce, "Ni ce na ba ta. Maganin sukari ne, na wata ne, na ba ta bisa kuskure. Ki yi haƙuri. Likita ya gan ta, mun ɗaura mata ruwa, ina auna ta a kai a kai. Ba zan ce miki komai ya wuce ba sai mun ga gobe. Zo mu je ki gan ta, ki riƙe mata hannu. Duk abin da ya canza ni zan zo in faɗa miki da kaina."

A tsarin ya kamata in sake tasowa. Metiron tana so in gwada su sau biyu. Ban taso ba. Na zauna a kujerar ina kallon takalminta, farin roba ne da ta ɗinke a gefe. Akawu ya ce, "Yau an samu mai maganin Inna." Suka yi dariya. Na koma bencina.

Da ta fita aka ce in kawo ruwa. Na kawo, na tsaya ina goge inda kofi ya jiƙa, ina jin su. Metiron ta ce wadda ta taɓa kuskure ta faɗa da bakinta ta fi mata kwanciyar rai. Akawu ya ce makin su biyun kusan ɗaya ne, ita da ta Katsina. Likita ya ce kuskuren magani yana iya yafewa, ba wanda ya wuce shi, amma nas ɗin da ba ta san abin da ke gudana a ɗakinta ba, ba zai damƙa mata ɗaki ita kaɗai ba. Ina nan tsaye da tsumma a hannuna. Na ɗauki tire na fita.

Ta Katsina aka ɗauka. Washegari aka kira ta a waya, ta karɓa.

Kwana uku na yi ban ci abin kirki ba. Na ga mutuwar miji da ta 'ya'ya biyu, na tashi na yi shara. Amma wannan abin ya hana ni kallon mutane. A rana ta huɗu na sami Metiron a sito tana jera kwalayen safar hannu. Na ce, "Ni na sauya su. Kafin ta iso. Nas ɗin dare tana ofis."

Ba ta juyo ba. Ta ce, "Na yi zargi. Suruka ɗaya ba ta ɗaga tsohuwa mai nauyin Hajiyar nan. Shi ya sa na ba ki wancan labarin ranar intabiyu, na ce ko za ki yi magana."

"Me ya sa ba ki tambaye ni ba?"

"Na tambaye ki, Inna. Kin ce kina ɗakin haihuwa."

Ta kai ni gaban likita na maimaita. Ya ce wannan bai wanke yarinyar daga bin kati ba tare da tabbatarwa ba, ita ma ta san haka. Amma abin da ya hana ta aikin ba shi ba ne. Ya ce, "Da kin faɗa ranar Litinin." Bai ƙarasa ba. Ya riga ya ba wata aiki, ta bar inda take ta taho, ba zai kore ta ba. Ya ce a gyara takardar da ke fayil, a cire maganar rashin lura da ɗaki, kuma zai rubuta mata takardar shaida mai kyau. Ni aka dakatar da ni mako biyu. Ba a kore ni ba. Abin da na yi wata biyu ina tsoro, na bar yarinya ta ɗauka a kanta, mako biyu ne a gida.

Sista ƙarama ta daina zuwa tun da aka sanar. Na nemi inda take zaune, ɗaki ne a gidan wata gwaggonta a bayan kasuwa. Na same ta da la'asar tana tsince shinkafa a faranti. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa. Ban sha ba. Na faɗa mata a tsaye.

Ta ce, "Na sani, Inna. Surukar ta faɗa mini ranar da aka sallame su. Ta ce in yafe mata, ke ta roƙa."

Na zauna.

"Kin sani kika yi shiru a gaban likita?"

"Ya tambaye ni ko na gani. Ban gani ba."

"Kada ki yi mini wayo, Sista. Da kin faɗa da kin samu."

Ta ci gaba da tsintar shinkafar. Ta ce, "Na yi tunanin jikokinki. Kuma na ɗauka za ki faɗa. Da ya yi tambayar nan, na yi shiru ina jiran ki." Ta cire wata tsakuwa ta jefar. "Ni ma ban yi daidai ba. Tun ranar da na sani ya kamata in kai wa Metiron a gyara rahoton. Ba don a hukunta ki ba. In ba a san ma'aikaciya ce ta yi ba, gobe wata za ta sake. Na bar shi don ina jin nauyinki."

Na ce ta yafe mini. Ta ce ta yafe. Ba ta ce ba komai ba, kuma na gode da ba ta ce ba. Na tambaye ta abin da za ta yi. Ta ce akwai wani ƙaramin asibiti wajen Kuki da suke neman nas, za ta kai takardar likita ta gwada. Nesa ne, hanyar ba kyau da damina, albashin bai kai na nan ba. Ta ce in an tambaye ta kuskuren magani a can, wannan labarin za ta sake bayarwa, wannan karon gaba ɗayansa.

Na ce, "Ki faɗa. Ki ce mai shara ce."

Ta samu aikin Kukin bayan wata biyu. Metiron ce ta faɗa mini muna canza zanen gado. Ni ban je ba, ban kuma aika ba, ban san me zan ce a aiken ba. Na ji wani lokaci babur take hawa, wani lokaci ta kwana can mako guda ba ta ga gida ba. Ta Katsinar tana nan a ɗakin mata, tana aikinta da kyau, tana gaishe ni kowace safiya. Ba ta san gurbin wa take ciki ba, kuma ba wanda ya faɗa mata.